Yaron da ya yi wata biyar yana murna ana ce masa "ya khal"

Daren Asabar ɗin da ta wuce a majalisarmu ta bakin titi nan Argungu wani ya kunna wata tsohuwar murya da ɗan ƙanwata ya taɓa turowa daga Riyad, aka yi ta dariya har mai shayi ya ajiye ludayi ya zo ya ji. A muryar yaron yana cewa, "Kawu, wallahi mutanen ga suna girmama ni, kowa yaz zo sai ya ce min ya khal, ka ga ni ma na zama kawu a ƙasar Larabawa." Aka maimaita ta kusan sau huɗu. Wani ya ce ai wannan ƙauyanci ne, wani kuma ya ce da shi ne da ya zabga wa Balaraben mari ko me zai faru ya faru. Ni dai na sha shayina na tashi, amma abin ya kwana yana cina, don ni ne kawun da ake kira a cikin muryar, kuma na san ƙarshen labarin wanda su ba su tsaya sun ji ba.

Ra'ayina tun ba a je ko'ina ba shi ne yaron nan ba wawa ba ne kuma ba matsoraci ba ne. Abin da ya same shi zai iya samun duk wanda ya yi dariyar nan, har da malamin Islamiyyar da ke cikinmu, watakila ma shi ya fi saurin faɗawa. Laifin yana kanmu mu da muke tura yara ƙasar mutane da fasfo da takardar gwajin asibiti da addu'a, babu wanda ya zaunar da su ko na awa ɗaya ya gaya musu cewa Larabcin littafi daban, Larabcin bakin titi daban.

Abin da ya faru

Zan kira shi Auta tunda shi ne autan ƙanwar tawa. Shekararsa ashirin da huɗu lokacin da ya tafi, ya sauke Alƙur'ani, ya yi Islamiyya har ya taɓa nahawu, idan ka ba shi hadisi zai fassara maka shi tsaf. Aka sayar da buhunan shinkafa da wata saniya aka biya ejan, ya samu aiki a wani wurin wankin mota a gefen Riyad, albashi riyal 1,200 a wata, ɗaki ɗaya su shida, shi da 'yan Bangaladash uku da wani ɗan Misira da wani dattijo ɗan Sudan.

A satin farko wani tsoho Balarabe ya kawo motarsa wanki, ya dubi Auta ya yi murmushi ya ce "shlonak?" To Auta ya san nahawu ai. Nan take ya warware kalmar a kansa, "aish" wato mene ne, "laun" wato launi, irin launin nan dai namu na Hausa wanda daga Larabcin muka aro shi. Kenan tsoho yana tambayarsa mene ne launinka. Ransa ya ɓaci, ya ɗaure fuska ya ce "aswad, alhamdulillah", baƙi ne ni kuma na gode Allah. Tsohon ya yi sororo, dattijon nan ɗan Sudan kuwa sai da ya riƙe ciki don dariya. Ashe "shlonak" a bakin mutanen Najadu da Kuwait da Iraƙi yaya kake ne kawai, babu ruwanta da fatar kowa, uba yana faɗa wa ɗansa, aboki yana faɗa wa aboki. Amsarta ita ce "bikhair" ko "ɗayyib", lafiya lau.

Auta ya ji kunya sosai, ya kuma ɗauki darasi, sai dai darasin da ya ɗauka shi ne ya daina zargin mutane. Wannan darasin ne ya kai shi ya baro.

Don bayan nan sai ya lura masu motoci da yawa, musamman samari, idan za su kira shi sai su ce "ya khal". Wannan kam ba ya buƙatar ƙamus. Khal a Larabci kawu ne, ɗan'uwan uwa. Har ma ya tuna hadisin da Annabi (SAW) ya nuna Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ce wannan kawuna ne, kowa ya nuna min nasa kawun. Bahaushe kuma kun san matsayin kawu a wajensa, gidan kawu ne yaro ke gudu idan uba ya ɗauko bulala. Sai Auta ya ji ai an karɓe shi hannu bibbiyu. Duk wanda ya ce ya khal sai ya ƙara masa goge taya kyauta. Ya canja sunansa a WhatsApp ya koma Alkhal, abokansa a nan gida suka kama, har ƙananan yaran gidanmu idan ya kira bidiyo sai ka ji suna ga Alkhal ga Alkhal. A lokacin ne ya turo muryar da ake dariya a kai.

Wata biyar ana haka. Akwai wani saurayi mai farar jif da ke zuwa duk Alhamis, mai fara'a ne, yana ba shi riyal biyar ko goma na ihsani, kullum da "hala ya khal" yake sallama. Rannan ya zo da abokansa uku a motar, ya sauke gilashi ya ce hala ya khal. Auta da ya ga sun saba sai ya ce bari shi ma yau ya rama alheri, ya washe baki ya ce "hala wallah ya khal."

Ya ce min, "Kawu, kamar an watsa mai ruwan zahi." Abokan suka fashe da dariya suna dukan kujera, ɗaya yana nuna shi yana maimaitawa. Shi kuwa mai motar fuskarsa ta canja, ya miƙo hannunsa ta taga ya juya shi yana nuna fatarsa ya ce "ana khal?" wato ni ne khal? Ya fito ya wuce ofishin mudir, wato manajan wurin. Ba a yi duka ba, ba a yi zagi ba, amma a ƙarshen wata an cire wa Auta kuɗin kwana biyu, riyal 80, wai ya yi wa kwastoma rashin kunya.

Da dare dattijon ɗan Sudan ya zaunar da shi. Ya ce a bakin mutanen wannan yankin khal suna ne da ake kiran baƙin mutum da shi, ko yaro ne ko tsoho. Ya ce kai ba ka lura ba, kai kaɗai da ni ake ce wa haka a nan wurin, ni ma sai wanda bai gane ni ɗan Sudan ba ne, wanda ya gane sai ya ce ya zol. 'Yan Bangaladash ɗin nan kuwa ya sadig ake ce musu ko ya Muhammad, ko da sunan mutum Abdul ne. Auta ya ce to Baba me ya sa ba ka gaya min ba tun farko? Dattijon ya ce na ga kana jin daɗi ne, kuma a nan abin jin daɗi ba shi da yawa.

"Ai ƙauyanci ne"

Wanda ya faɗi haka a majalisa ko Kamba bai taɓa tsallakawa ba, amma bar wannan. Me ake so yaron ya yi? Kalmar da ya ji kalma ce ta gaskiya, tana cikin Alƙur'ani, tana cikin hadisi, ma'anarta kawu. Ana faɗa masa ita da murmushi, wani lokaci har da kyauta. Babu wani littafi da ya karanta a Islamiyya da zai nuna masa ɗaya fuskar. Wanda ma bai san Larabci ba ko kaɗan ya fi shi tsira, don shi zai tambaya ne ya ce mene ne khal, shi kuwa Auta ya riga ya san amsa a ganinsa, wa zai tambayi abin da ya sani.

Larabcin da ake yi da leburori a can ma wani abu ne daban, an gutsuttsure shi don ɗan Indiya da ɗan Pakistan su gane. Misali za ka ji an ce "mafi mushkila", Bahaushe ya ji "mafi" sai gabansa ya faɗi ya ɗauka babbar matsala ce ta taso, alhali babu matsala ake nufi. Wannan abin dariya ne kawai, ba ya cutar da kowa, kwana biyu ka gane. Wanda ke cutarwa shi ne irin na Auta, kalmar da ma'anarta ta littafi tana nan daram ba ta canja ba, an dai ɗora mata wani kaya ne a kai wanda baƙo ba ya gani.

Game da yadda kawu ya koma baƙin mutum, su kansu mutanen can bayani biyu suke bayarwa. Wasu suna cewa daga ɗaya ma'anar kalmar ne, don khal a Larabci yana kuma nufin ɗan baƙin tabon nan da ake haihuwar mutum da shi a kumatu. Wasu kuma suna mayar da abin zamanin bayi, lokacin da gidaje da yawa iyayensu mata ƙwarƙwarori ne baƙaƙe, sai dangin uwar suka zama kawunnai. Kar a manta sai a 1962 aka soke bauta a hukumance a Saudiyya, akwai tsofaffi da ransu yau da suka ga abin da idonsu. Ko wanne bayani ka ɗauka, fata ce ake nunawa.

"Ai ba zagi ba ne, su ma suna faɗa wa junansu"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma wani alhaji da ya daɗe yana zuwa Umara ne ya kawo ta. Akwai gaskiya a ciki. A Jodan da Falasɗinu samari suna ce wa juna ya khal kamar yadda namu ke cewa mutumina ko ɗan'uwa, fari ya faɗa wa fari babu komai. A kudancin Misira ma haka. Ɗan Misiran da ke ɗakinsu Auta idan ya ce masa ya khal da zuciya ɗaya yake faɗa. A Saudiyyar ma akwai baƙaƙen 'yan ƙasa da ke kiran junansu haka cikin raha, akwai kuma mutanen da a ganinsu ladabi suka yi, tunda sun guje wa ɗaya kalmar mai muni wato "abd", bawa, wadda har yau ba ta mutu a bakin wasu ba. Ni ban ce saurayin mai jif mugu ba ne. Ina jin da za ka tambaye shi zai rantse yana son yaron.

Amma ga ma'aunin da nake ganin ya raba gardama, kuma Auta ya gwada shi ba tare da ya sani ba: gaisuwa idan ta girmamawa ce ko ta zumunci, za ka iya mayar wa mai ita. Ka ce min salamu alaikum na ce wa alaikumus salam. Tsohon nan ya ce shlonak, Auta zai iya cewa shlonak inta, ba wanda zai ji haushi. Bafulatani ya ce wa Babarbare bawana, Babarbaren ya ce kai ne dai bawana, a yi dariya a sha fura, haka Bagobiri da Bayarabe, haka Bakano da Bazazzagi. Taubasantaka tana tafiya ne tana dawowa. Ita kuwa ya khal da aka mayar wa mai ita sai ya miƙo hannu yana nuna fatarsa, ya tafi ofis. Idan kalmar ba komai ba ce me ya ƙona shi? Shi da kansa ya fassara ta, ba Auta ba.

Akwai kuma wasu alamu da dattijon ya nuna masa waɗanda duk mai shirin tafiya ya kamata ya riƙe. Ɗan 'yar'uwarka na gaskiya ba ya cewa ya khal haka gundum, yawanci "ya khali" zai ce, kawuna, da ɗan wasalin nan na mallaka a ƙarshe. Sannan ka saurari yadda ake ambatonka idan ba da kai ake magana ba. Idan ka ji mudir yana cewa "nadi alkhal", kira min khal ɗin nan, kamar yadda zai ce kira min ɗan Bangalin nan, to ka san suna ne na jinsi. Sai kuma shekaru. Dattijo mai furfura ya kira yaro ɗan ashirin da huɗu kawu, ko a nan Argungu aka yi maka haka ai ka tsaya ka duba. Auta ya ce ya lura da wannan tun farko, amma sai ya ɗauka irin namu ne da tsohuwa ke ce wa jikanta maigida ko angona.

"Da ni ne da na mare shi"

Masu wannan maganar sun fi ba ni haushi, don baki ne kawai. A majalisa kowa jarumi ne.

Yaron nan igamarsa, wato katin zamansa, a ƙarƙashin mai wurin take. Gaskiya ne a watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafili, ma'aikacin kamfani zai iya canja wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar ubangidansa ba, amma Auta wata biyar ya yi, kuma sassaucin ma bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, waɗanda su ne da yawa daga cikin mutanenmu. Ka ɗaga hannu ka mari ɗan ƙasa a gaban shaidu uku, 'yan sanda ne za su zo, daga nan sai ɗaki, daga ɗaki sai tarhil a sako ka a jirgi da kayan jikinka. Idan kuma ka yi fushi ka bar aikin, mai wurin ya kai rahoton ka gudu, abin da mutanenmu ke kira hurub, ka zama mai laifi a duk inda ka shiga. Saniyar da aka sayar kuwa ba ta dawo ba tukuna. Wanda ya ce a yi mari, shi zai biya ƙanwata?

Kuma marin me zai gyara? Saurayin zai koma gida ne da tabbacin abin da yake zato game da baƙaƙe tun da.

"To ai kuɗi ya je nema, suna ba ya kashe mutum"

Wannan kuma ita ce ta ɗaya gefen, ta masu cewa a yi haƙuri kawai. Na yarda suna ba ya kashe mutum. Auta yana nan da ransa yana turo kuɗi duk wata, an yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano. Amma ku da kuka ji muryar farko ba ku ji ta biyu ba, wadda ya turo min ni kaɗai da ƙarfe biyun dare. Bai yi maganar riyal 80 ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, "Kawu, abin da ad damuwata, wata biyar ina amsawa ina dariya, ina ƙara musu goge taya. Mi suka ɗauke ni?" Abin da ya ci shi ke nan, cewa an yi ta yi da shi yana taya su. Da ya san ma'anar tun ranar farko zai iya zaɓa, ko ya share ko ya ce sunana wane. Rashin sanin ne ya hana shi zaɓi.

Wani abin da ya ƙara ɗaure masa kai, a ƙasar nan fa akwai Hausawa 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, jikokin alhazan da suka tafi a ƙasa suka zauna. Sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi ba baƙi ba ne a Makka da Madina da Jidda. Kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 Usama Hausawi ne. Duk da haka a Hijaz "takruni", wadda mu muka mayar takari, tana iya zama zagi a bakin wanda ya so. To idan wanda aka haifi kakansa a can bai tsira ba, ina ga mai wankin mota da ya sauka jiya.

Mu fa?

A nan ne majalisa ta yi tsit lokacin da na koma washegari na tayar da maganar. Na ce wa wanda ya fi kowa dariya, kai da ka yi shekara uku kana acaɓa a Legas, me ake kiranka? Ya ce aboki. Na ce ranar farko da ka ji ya ka ji? Ya yi shiru, can ya ce wallahi daɗi na ji, na ce ashe Yarbawa sun iya Hausa. Sai da ya ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa tana cewa kar ka zama aboki, sannan ya gane kalmarmu ce ta zumunci aka ɗauka aka mayar da ita sunan wawa. Ka gwada ce wa mai kwat da ke fitowa daga banki a Ikeja "aboki" ka ga yadda zai dube ka. Labarin Auta ne sak, Larabci ne kawai babu.

Mu ma kuma ba mu da bakin magana sosai. Duk mai rawani da ya sauko daga Agadas yana gadi ko sayar da shayi Buzu muke ce masa, da fara'a kuwa, alhali a wajen Abzinawa wannan sunan na zuriyar bayi ne, ba kowa ke son sa ba. Mutanen Zuru da muke jiha ɗaya da su muna ce musu Dakarkari, su kuwa Lelna suke kiran kansu, mu nawa ne muka taɓa tambaya wanne suka fi so? Mai shagon kayan gyaran mota da ya shekara ashirin a garin nan, 'ya'yansa sun fi wasunmu iya Kabanci, har yau Inyamiri yake, ni kaina sai bara na san sunansa na yanka. Ayar da ta hana jifan juna da laƙabi tana cikin Suratul Hujurat, duk mun haddace ta, Balaraben mai jif ma ya haddace.

Ban kawo wannan don a ce to an yi canjaras kowa ya yi shiru ba. Na kawo ne don wanda ya ce Auta baƙauye ne ya tuna shi ma ya taɓa washe baki.

Abin da nake ganin ya kamata

Ejan da ke karɓar kuɗin mutane masu yawa haka, ya kai su gwajin jini da hoton ƙirji, ba zai gagare shi ya ajiye mutum ɗaya da ya yi shekaru a can ya zauna da yaran na yini guda ba. Ba darasin nahawu ba, wannan sun fi shi iyawa. A gaya musu kalmomi ashirin ko talatin da za su ji a satin farko da abin da ke bayansu. Shlonak gaisuwa ce, ka amsa da fara'a. "Ya'aɗikal afiya" sannu da aiki ce, ka ce Allah ya'afik. "Bukra insha Allah" a bakin mai riƙe da albashinka ba lallai gobe ba ce. Ya sadig da ya khal da ya zol kuwa ka san ba sunanka ba ne, ka kuma san wa ya faɗa, ɗan Jodan ne ko ɗan Riyad.

Na san ejan ba zai yi ba, shi biza ta fito an gama da shi. Shi ya sa na fi ɗora abin a kan waɗanda suka je suka dawo, kuma a nan ne nake da ƙorafi na gaske. Garin nan cike yake da su. Amma idan sun dawo sai jallabiya da turare da labarin kabsa da naman raƙumi, babu mai cewa an kira ni kaza na yi shekara ban gane ba. Kowa yana ɓoye tasa kunyar, sai na baya ya je ya taka wurin da na gaba ya zame. Alhajin da ya ce min ai ba zagi ba ne, da na matsa masa sai ya ce shi ma an taɓa ce masa haka a wani shago a Riyad kuma bai ji daɗi ba. To Alhaji me ya hana ka faɗa lokacin da yaron ya zo yi maka sallama?

Auta dai bai bar aikin ba. Dattijon ya koya masa abin da shi yake yi shekara da shekaru, idan an ce ya khal ya amsa sallamar da fara'arsa sannan ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "ismi" ya faɗi sunansa. Ya ce wasu suna kamawa, wasu gobe su sake, wasu ma haushi suke ji wai yana da girman kai. Mai farar jif bai ƙara zuwa ba. Tsohon nan na shlonak kuwa shi ne ya fara riƙe sunan, kuma har yau idan ya zo sai ya tsokane shi ya ce shlonak ya aswad alhamdulillah, Auta ya ce masa shlonak ya shaiba, wato mai furfura, su yi dariya su biyu.

Sunan WhatsApp ɗin ya cire tun a daren. Matsalar yanzu a gida take, yara sun riga sun saba. Jiya da ya kira bidiyo ƙaramar jikata ta leƙo tana tsalle tana ga Alkhal ga Alkhal, na ga ya yi ɗan murmushi ya kawar da kai. Da suka fita ya ce, "Kawu, don Allah ka hana su." Uwarsa tana gefe ta ce a'a, mi ya yi zahi, ba kai kac ce sunan girma ne ba? Har yanzu ba mu gaya mata ba.